Yadda ake gane ko guggubi zai fito idan an haɗa ruwan sinadari biyu: gwada Q da Ksp

Ɗaliban kimiyya da malamansu a makarantunmu na karkarar Kano da Jigawa suna yawan kawo tambaya iri ɗaya: an ba ka ruwan sinadari biyu, kowanne garau, an faɗa maka yawansa da kaurinsa, wato yawan sinadarin da ke narke a kowane awo na ruwan, sai aka ce ka faɗi ko guggubi zai fito idan an haɗa su. Guggubi a nan shi ne daskararren abin da ke bayyana a cikin ruwan, ya gurɓata shi, daga baya ya kwanta a ƙasan kwalba. Amsar tana fitowa ne daga gwada lambobi biyu. Ta farko ita ce Ksp, wadda ke nuna iyakar abin da ruwa zai iya riƙewa na wani gishiri mai wuyar narkewa. Ta biyu ita ce Q, wadda kai za ka lissafa daga ayon ɗin da ke cikin haɗin naka. Idan Q ta wuce Ksp, ruwan ya ɗauki fiye da ƙarfinsa, rarar za ta fita. Kamar sukari ne a kofin shayi: yana ta narkewa har shayin ya ƙoshi, abin da aka ƙara bayan nan a gindin kofi zai zauna.

Ƙa'idar ke nan, kuma ba a nan mutane ke faɗuwa ba. A wajen fitar da Q ake yin ɓarna. Shi ya sa za mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ƙarshe, misalin da aka zaɓi lambobinsa yadda kuskure ɗaya tak zai juya amsar.

Ga misalin. An haɗa cm³ 20 na Pb(NO₃)₂, wato naitiret ɗin dalma, mai kaurin 0.0050 mol dm⁻³, da cm³ 80 na KI mai kaurin 0.0025 mol dm⁻³. Ksp na PbI₂ a zafin 25 °C ita ce 7.1 × 10⁻⁹. Shin guggubi zai fito?

Abin da za ka tanada

Lissafin ba ya cin ko sisi. Takarda, biro, kalkuleta mai maɓallin EXP ko ×10ˣ, da lambar Ksp. Kalkuletar waya ma tana yi idan ka kwantar da wayar ta buɗe sauran maɓallan. Lambar Ksp yawanci tana cikin tambayar. Idan babu, duba jadawalin da ke bayan littafin darasi. Kada ka damu idan littattafai biyu suka saɓa kaɗan: wani zai rubuta 7.1 × 10⁻⁹ ga PbI₂, wani 9.8 × 10⁻⁹, wani 1.4 × 10⁻⁸, domin awon ya danganta da yadda aka yi shi. A jarrabawa, lambar da aka ba ka ita ce doka.

1. Warware kowane gishiri zuwa ayon ɗinsa, ka nemo wanda zai iya kwanciya

Kafin ka taɓa kalkuleta, rubuta abin da ke yawo a cikin kowane ruwa:

Pb(NO₃)₂ → Pb²⁺ + 2NO₃⁻
KI → K⁺ + I⁻

Yanzu ka yi musu musanyar abokan zama. Pb²⁺ zai iya haɗuwa da I⁻ su ba da PbI₂, K⁺ kuma da NO₃⁻ su ba da KNO₃. A cikin biyun ɗaya ne abin dubawa. Duk gishirin da ke da NO₃⁻ yana narkewa sosai, haka nan duk mai Na⁺ ko K⁺ ko NH₄⁺. Saboda haka KNO₃ ya fita daga lissafi, K⁺ da NO₃⁻ 'yan kallo ne kawai. PbI₂ shi ne mai wuyar narkewa, launinsa ruwan ɗorawa ne mai haske.

Sauran da ya kamata su zauna maka a ka ba su da yawa. Gishirin Cl⁻ da na I⁻ galibinsu suna narkewa, ban da irin su na azurfa da na dalma. Na SO₄²⁻ galibinsu suna narkewa, ban da irin su BaSO₄ da PbSO₄, CaSO₄ kuma kaɗan yake narkewa. Na CO₃²⁻ galibinsu ba sa narkewa, ban da na Na⁺ da K⁺ da NH₄⁺.

Hattara: idan musanyar ta ba ka gishiri biyu masu wuyar narkewa, kowanne sai an yi masa nasa Q an gwada da tasa Ksp. Ba a haɗa su a lissafi ɗaya.

2. Rubuta ikweshan ɗin narkewa, daga shi ka ciro siffar Q

Daskararren gishirin a hagu, ayon ɗinsa a dama, a daidaita:

PbI₂(s) ⇌ Pb²⁺(aq) + 2I⁻(aq)

Lambar da ke gaban kowane ayon ita ce za ta hau sama ta zama ƙaramar lambar da ke kansa:

Q = [Pb²⁺][I⁻]²

Siffar Q da ta Ksp iri ɗaya ce sak. Bambancinsu shi ne Ksp tana amfani da kaurin ayon a lokacin da ruwa ya ƙoshi ya daidaita, ita kuwa Q tana amfani da kaurin da ake da shi daidai lokacin da aka gama haɗawa, kafin komai ya kwanta. Daskararren PbI₂ ba ya shiga lissafi ko kaɗan.

Hattara: yawancin masu tsallake wannan matakin sukan rubuta Q = [Pb²⁺][I⁻], saboda sun saba da AgCl da BaSO₄ inda ayon ɗaya ke tafiya da ɗaya. Gishiri irin su PbI₂ da PbCl₂ da Mg(OH)₂ da CaF₂ ɗaya ne da biyu, Ag₂CrO₄ kuma biyu ne da ɗaya. Rubuta ikweshan ɗin ko da kana ganin ka haddace shi, layi ɗaya ne.

3. Lissafa sabon kaurin kowane ayon bayan haɗawa

Wannan shi ne matakin da ya fi cin mutane, don haka za mu daɗe a kansa. Lambobin da tambaya ta ba ka, 0.0050 da 0.0025, kaurin ruwan ne tun yana cikin kwalbarsa. Da zarar an juye su wuri guda, kowanne ya tsarma ɗan'uwansa. Dalmar da ke cikin cm³ 20 yanzu ta bazu a cikin cm³ 100. Yawanta bai canza ba, amma wurin zamanta ya ninka sau biyar, kaurinta kuwa dole ya ragu sau biyar.

Fara da jimillar ruwan: 20 + 80 = cm³ 100. Sannan ga kowane ayon:

sabon kauri = tsohon kauri × yawan ruwansa ÷ jimillar ruwa

[Pb²⁺] = 0.0050 × 20 ÷ 100 = 0.0010 mol dm⁻³
[I⁻] = 0.0025 × 80 ÷ 100 = 0.0020 mol dm⁻³

Da wannan hanyar ba sai ka mayar da cm³ zuwa dm³ ba, domin na sama da na ƙasa suna soke juna, muddin dai awo iri ɗaya ka yi amfani da shi a duka biyun. Wanda ya fi son bi ta hanyar mol zai iya: 0.0050 × 0.020 = 1.0 × 10⁻⁴ mol na Pb²⁺, a raba da dm³ 0.100, a sami 0.0010. Amsa ɗaya ce, sai dai wannan hanyar tana da wurin tuntuɓe, wato mantawa da raba cm³ da 1000. Idan ka ga kaurin da ka samu bayan haɗawa ya fi na kafin haɗawa, tsaya nan ka koma baya, hakan ba ya yiwuwa.

Wasu ɗaliban sun riƙe cewa in an haɗa ruwa biyu sai a raba kauri gida biyu. Wannan gaskiya ne kawai idan yawan ruwan biyu daidai yake, kamar 50 da 50. A misalinmu dalma ta tsarmu sau biyar, shi kuwa I⁻ ɗan kaɗan ya ragu, daga 0.0025 zuwa 0.0020.

Akwai abu na biyu a wannan matakin. Duba ko gishirin da aka narkar yana sakin ayon ɗin da kake nema fiye da ɗaya. KI yana sakin I⁻ guda ɗaya, Pb(NO₃)₂ yana sakin Pb²⁺ guda ɗaya, saboda haka a misalinmu babu abin ninkawa. Amma a ce an haɗa cm³ 50 na Pb(NO₃)₂ mai kaurin 0.020 da cm³ 50 na CaCl₂ mai kaurin 0.050. Kowane CaCl₂ yana sakin Cl⁻ biyu, don haka kaurin Cl⁻ kafin haɗawa 0.100 ne, bayan haɗawa 0.050. Q ta zama 0.010 × (0.050)² = 2.5 × 10⁻⁵, ta wuce Ksp na PbCl₂ wadda take wajen 1.7 × 10⁻⁵. Wanda ya manta da biyun nan zai yi aiki da 0.025, ya sami 6.3 × 10⁻⁶, ya ce babu guggubi.

Hattara sosai a nan, domin biyu iri biyu ne kuma ana rikita su. Biyun da ke cikin gishirin da ka narkar, kamar na CaCl₂, ninka kauri yake yi. Biyun da ke cikin gishirin da zai kwanta, kamar na PbI₂, sama yake hawa. Kada ka ninka [I⁻] da biyu don ka ga PbI₂ yana da I biyu. Wannan ɗabi'ar daga wani lissafin daban ta samo asali, wanda ake rubuta Ksp = (s)(2s)², s ɗin kuwa yawan mol na PbI₂ ne da ya narke a dm³ ɗaya, inda duk ayon ɗin daga narkewar PbI₂ kansa suka fito. A nan kuwa I⁻ daga KI ya zo, abin da KI ya kawo shi ke nan.

Idan kuma an ba ka kauri da g dm⁻³, raba da nauyin mol ɗaya kafin komai. Na KI giram 166 ne, na Pb(NO₃)₂ giram 331.

4. Fitar da Q

Q = (0.0010)(0.0020)²

Fara da mai lamba a sama: 0.0020 × 0.0020 = 4.0 × 10⁻⁶. Sannan a ninka da 1.0 × 10⁻³:

Q = 4.0 × 10⁻⁹

A kalkuleta:

```
1 EXP (-) 3 × 2 EXP (-) 3 x² =
```

Kalkuletoci sun bambanta a yadda suke fahimtar x² bayan EXP, don haka ya fi aminci ka sa lambar ta biyu a cikin baka kafin ka danna x², ko ka buga 0.002 kai tsaye. Maɓallin EXP da kansa yana nufin "sau goma mai lamba a sama". Wanda ya buga 2 × 10 EXP (-) 3 ya sa goma sau biyu, lambarsa ta ninka sau goma, in kuma ya ninka ta da kanta kuskuren ya zama sau ɗari. Kyakkyawar al'ada ita ce ka lissafa lambobin sama da ka tukuna: −3 da −3 da −3 sun ba da −9. In allon ya nuna maka abin da ya yi nisa da 10⁻⁹, yatsanka ne ya kauce.

5. Gwada Q da Ksp, ka yanke hukunci

Q = 4.0 × 10⁻⁹
Ksp = 7.1 × 10⁻⁹

Lambar sama iri ɗaya ce, saboda haka na gaba kawai za a duba: 4.0 bai kai 7.1 ba. Q ba ta kai Ksp ba, ruwan bai ƙoshi ba, guggubi ba zai fito ba. Haɗin zai zauna garau.

Hukuncin uku ne. Q ƙasa da Ksp, babu guggubi, in ma akwai daskararren gishirin a ciki zai ci gaba da narkewa. Q daidai da Ksp, ruwan ya ƙoshi cif, yana bakin iyaka, babu sabon guggubi. Q sama da Ksp, guggubi zai fito, zai kuma ci gaba da fita har ayon ɗin da suka rage a ruwan su sauko inda Q ta yi daidai da Ksp. Ba duka dalmar ce ke kwanciya ba, rarar ce kawai.

Dubi abin da kurakuran da aka ambata za su yi wa wannan amsar. Wanda bai yi lissafin tsarmawa ba zai sami 0.0050 × (0.0025)² = 3.1 × 10⁻⁸. Wanda ya manta da biyun sama zai sami 2.0 × 10⁻⁶. Wanda ya ninka [I⁻] da biyu zai sami 0.0010 × (0.0040)² = 1.6 × 10⁻⁸. Duka ukun sun wuce Ksp, duka ukun za su ce guggubi zai fito, kuma duka ukun sun faɗi tambayar.

Hattara da lambar sama mai alamar ragi. Yawan girmanta, yawan ƙanƙantar adadin: 10⁻⁹ ya fi 10⁻⁸ ƙanƙanta sau goma. Ɗalibi zai ga 3.1 × 10⁻⁸ da 7.1 × 10⁻⁹ ya ce na biyun ya fi girma, don bakwai ta fi uku, tara kuma ta fi takwas. Maganin shi ne ka mayar da su kan lambar sama ɗaya: 3.1 × 10⁻⁸ daidai yake da 31 × 10⁻⁹, yanzu 31 da 7.1 kake gwadawa. Ko kuma ka raba Q da Ksp. In amsar ta wuce ɗaya akwai guggubi, in ba ta kai ba babu. Wannan rabawar ta fi amfani, domin tana nuna maka nisan da ke tsakani, kuma nisan nan za mu buƙace shi a mataki na takwas.

Yanzu a canza abu ɗaya. A bar komai yadda yake, amma KI ya zama mai kaurin 0.010. Sabon [I⁻] shi ne 0.010 × 80 ÷ 100 = 0.0080. Q = 0.0010 × (0.0080)² = 6.4 × 10⁻⁸, wato 64 × 10⁻⁹, kusan ninki tara na Ksp. Guggubi ruwan ɗorawa zai fito. Ka lura an ninka KI sau huɗu ne kawai, Q kuwa ta ninka sau goma sha shida, saboda biyun da ke sama.

Wajen rubuta amsa, kawo lambobin biyu da hukuncin a jimla ɗaya: tun da Q = 4.0 × 10⁻⁹ ba ta kai Ksp = 7.1 × 10⁻⁹ ba, PbI₂ ba zai kwanta ba.

6. Idan an tambaye ka inda guggubin zai fara

Tambayar takan zo a juye: wane kaurin I⁻ ake buƙata kafin guggubi ya fara fita a ruwan da [Pb²⁺] ɗinsa yake 0.0010? Sai ka sa Q daidai da Ksp ka nemo abin da ya ɓace:

[I⁻]² = 7.1 × 10⁻⁹ ÷ 1.0 × 10⁻³ = 7.1 × 10⁻⁶
[I⁻] = √(7.1 × 10⁻⁶) = 2.7 × 10⁻³ mol dm⁻³

Kada ka manta da maɓallin √ a ƙarshe. Kuma wannan kaurin na cikin haɗin ne. In abin da ake so shi ne kaurin KI a kwalbarsa kafin a zuba cm³ 80, sai ka juya lissafin tsarmawa, ka ninka da 100 ka raba da 80, ka sami wajen 3.3 × 10⁻³.

7. Gwada shi da hannu

Malamin da ke da Pb(NO₃)₂ da KI a ɗakin gwaji zai iya nuna wa aji wannan lissafin da idonsu, da ɗan abu ƙalilan. Wannan haɗin ya fi na AgNO₃ sauƙin kuɗi, ga shi launin guggubin yana fitowa har ɗalibin da ke bencin baya ya gani. Za a buƙaci sikeli mai auna har giram 0.01, kwalba mai awon cm³ 250, kwalaben gwaji uku, da sabon sirinji biyu daga kantin magani, ɗaya na dalma ɗaya na KI, a yi musu alama kada su taɓa musanya. Awon ml da ke jikin sirinji daidai yake da cm³.

Ruwan da za a narkar da su shi ne babbar matsala a karkara. Ruwan rijiya da na burtsatse yakan zo da Cl⁻ da SO₄²⁻ da HCO₃⁻, waɗanda za su iya kama dalma su ba da farin guggubi tun ba a kai ga KI ba. Tataccen ruwa ake so. Wanda ake sayarwa don ƙara wa batir yana yi, amma a tabbatar ruwan ne zalla, ba asid ɗin batir ba, domin wancan H₂SO₄ ne, zai kwantar da PbSO₄ nan take, ga shi yana ƙona fata. In ruwan dalmar ya ɗan yi hazo bayan narkarwa, ɗigo ɗaya na tsarmammen HNO₃ yakan washe shi.

Narkar da giram 0.41 na Pb(NO₃)₂ a cika zuwa cm³ 250, ka sami kaurin 0.0050. Narkar da giram 2.08 na KI a cika zuwa cm³ 250, ka sami 0.050. Daga wannan, kashi ɗaya da ruwa kashi huɗu ya ba ka 0.010. Daga na 0.010 kuma, kashi ɗaya da ruwa kashi uku ya ba ka 0.0025. Idan sikelin makarantar giram 0.1 kawai yake iya aunawa, ba zai riƙe giram 0.41 da kyau ba, gara a aro wani.

Ba sai an yi amfani da cm³ 20 da 80 ba. Biyu da takwas ma rabon ɗaya ne, Q ba za ta canza ba, dalmar da za a ɓata kuma ta ragu sau goma. Zuba cm³ 8 na KI a kowace kwalba, ta farko 0.0025, ta biyu 0.010, ta uku 0.050. Sa ɗalibai su lissafa Q ta kowacce su rubuta hasashensu a allo kafin a zuba komai. Ta farko 4.0 × 10⁻⁹, ta biyu 6.4 × 10⁻⁸, ta uku 1.6 × 10⁻⁶, wadda ta ninka Ksp fiye da sau ɗari biyu. Sannan a ƙara cm³ 2 na ruwan dalma a kowacce, a girgiza.

Ta uku za ta juya ruwan ɗorawa nan da nan. Ta biyu za ta ba da ɗan guggubi kaɗan, kuma takan ɗauki lokaci. Ta farko za ta zauna garau. Wani ɗalibi zai iya cewa da an canza yawan ruwan da ta yi guggubi. A bar shi ya lissafa: da waɗannan kauri biyun, ko wane rabo aka ɗauka, Q ba ta wuce wajen 4.6 × 10⁻⁹, wato inda dalma take kashi ɗaya KI kashi biyu, kuma wannan ma bai kai Ksp ba.

Launi ba guggubi ba ne. Ruwan KI da ya kwana biyu a haske yakan yi rawaya-rawaya saboda aidin da ke fitowa a cikinsa, amma garau yake, kana ganin rubutu ta cikinsa. Guggubi yana hana ido wucewa. A riƙe kwalbar a gaban baƙin ƙyalle, a haska ta da fitilar waya ta gefe, in akwai ƙwayoyi za a ga hanyar hasken a cikin ruwan. Ruwan KI a haɗa shi a ranar gwaji, ko a ajiye shi a kwalba mai duhu.

Hattara: dalma guba ce mai taruwa a jiki, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa. Mutanen Arewa ba su manta da abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga aikin zinare ta kashe ɗaruruwan yara. Malami ne zai auna garin da kansa, a rufe tagar da iska ke shigowa lokacin awo, kada a zuƙi ruwan da baki, kada a ci komai a ɗakin, kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya fita.

8. Idan takarda ta ce eh, kwalba ta ce a'a

Wannan yana faruwa, kuma ba lallai ne lissafin ya ɓaci ba. Abu na farko da za a duba shi ne zafi. Ksp ɗin da ke littafi na 25 °C ne. A watan Afrilu da Mayu ɗakin aji mai rufin kwano a Kano ko Jigawa yakan kai 40 °C da rana, kuma PbI₂ yana narkewa sosai idan zafi ya ƙaru, wato Ksp ɗinsa na gaske a lokacin ya fi na littafi. Kwalba ta biyu, wadda ke ba da guggubi da safiyar hunturu, tana iya ba da kaɗan ƙwarai ko ta ƙi da azahar ɗin bazara. A tsoma ta a ruwan randa mai sanyi na ɗan lokaci a sake dubawa. Ana iya nuna wa aji hakan da gangan: a ɗumama kwalba ta uku a cikin ruwan zafi, guggubin zai ragu ko ya ɓace, in ta huce a hankali sai ya dawo kamar ɓarɓashin zinare mai ƙyalli.

Na biyu shi ne jinkirin farawa. Ruwa yana iya riƙe fiye da iyakarsa na ɗan lokaci idan ƙwayoyin farko ba su sami abin kamawa ba, musamman a kwalba mai tsabta kuma Q ba ta yi wa Ksp nisa ba. Kankare cikin kwalbar da sandar gilashi, ko a jefa ɗan ƙwayar PbI₂ daga kwalba ta uku, sai guggubin ya fara.

Na uku kuma ya shafi ruwa mai kauri. Idan ayon suka yi yawa, har da 'yan kallon, sukan kewaye juna su rage wa Pb²⁺ da abokin haɗinsa damar saduwa, sai Q ta gaske ta yi ƙasa da ta takarda. Misalin PbCl₂ na mataki na uku irin wannan ne. A jarrabawa amsarsa guggubi zai fito, domin 2.5 × 10⁻⁵ ta wuce 1.7 × 10⁻⁵. A kwalba kuwa mai yiwuwa ya zauna garau, saboda tazarar ba ta kai ninki biyu ba kuma ruwan cike yake da Ca²⁺ da NO₃⁻. Shi ya sa duk wanda zai shirya gwaji don aji ya zaɓi kaurin da Q za ta ninka Ksp aƙalla sau goma, in so samu ne sau ɗari.

Na huɗu, wani abu a ruwan yana iya cinye ayon ɗin da ka lissafa. Asid yana mayar da CO₃²⁻ zuwa HCO₃⁻ da iskar CO₂, yana kuma cinye OH⁻, saboda haka ga gishirin CO₃²⁻ da na OH⁻ sai ka san pH kafin ka amince da Q. Ɗauki ruwa mai [Mg²⁺] = 0.0010 da Ksp na Mg(OH)₂ wajen 5.6 × 10⁻¹². A pH 9, [OH⁻] = 1 × 10⁻⁵, Q = 1 × 10⁻¹³, babu guggubi. A pH 11, [OH⁻] = 1 × 10⁻³, Q = 1 × 10⁻⁹, guggubi zai fito. Haka nan amoniya tana kama Ag⁺ ta hana AgCl kwanciya, KI mai kauri sosai kuma yana iya sake narkar da PbI₂ ɗin da ya riga ya fito.

9. Kwashe sharar

Kada a zubar da komai a ƙasa, ko a kwata, ko kusa da rijiya. Ka tuna ko kwalba ta farko da ta zauna garau duk dalmarta tana ciki a narke, ita ce ma ta fi yaudarar ido. Tara duka a gora ɗaya mai murfi, har da ruwan ɗaurayar kwalabe da sirinji. Zuba ruwan Na₂CO₃ kaɗan-kaɗan har farin guggubi ya daina fitowa. Gishirin dalma da CO₃²⁻ ya fi PbI₂ wuyar narkewa nesa ba kusa ba, don haka kusan duk dalmar da ta rage a ruwan za ta kwanta. A bar shi ya kwana, a ɗebi ɗan ruwan saman a ɗiga masa Na₂CO₃ a gani, in ya yi hazo a ƙara. A tace da takardar tacewa, a sa guggubin da takardar a kwalba mai murfi, a rubuta "gubar dalma" a jikinta, a kulle a kabad ɗin sinadarai. Ruwan da ya tsiyaye a bar shi a gorar shara ta ɗakin gwaji. Gorar da sirinjin kuma sun zama na wannan aikin har abada, a huda su ko a yi musu fenti kada wani ya ɗauka ya zuba ruwan sha.